Litinin zuwa Juma'a a garin aiki: ƙasaru ya halatta, haɗa sallolin fa?

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Kusan shekara guda ke nan wurin aikina yana tura ni wani gari sau ɗaya a wata. Taswirar waya tana nuna kilomita 95 daga ƙofar gidana zuwa masaukin. Nakan isa ranar Litinin da hantsi, in baro ranar Juma'a da safe, sai dai sau uku na isa tun ranar Lahadi da daddare. Duk kwanakin nan ƙasaru nake yi, kuma ina haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Isha'i a masauki. Wani abokin aikina ya ce nisan bai kai ba, kwanakin kuma sun wuce ƙa'ida, don haka sai na rama sallolin gaba ɗaya. Hankalina ya tashi ƙwarai. A mazhabar Malikiyya na tashi.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Abokin naka ya faɗi abu uku a numfashi ɗaya, kuma ba duka ya dace ba. A maganar nisa bai yi daidai ba. A maganar kwanaki ya yi daidai a makonni uku kacal. Abin da ya fi cancanta ya ja hankalinka a kai kuwa, wato haɗa salloli alhali kana zaune a masauki, shi ne bai ware ya yi magana a kansa ba. Ƙasaru daban, haɗa salla daban. Mutane da yawa sun ɗauka kaya ɗaya ne, da an sa ƙafa a mota an same su duka, alhali kowanne da ƙofarsa.

Mu fara da nisa. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 101, cewa ya yi idan kun yi tafiya a bayan ƙasa babu laifi ku rage salla, bai ambaci mil ko kwana ba. Babu kuma wani ingantaccen hadisi da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce daga nisa kaza ake ƙasaru. Adadin da ka ji ana faɗa malamai sun ciro shi ne daga aikin sahabbai. Abdullahi ɗan Umar da Abdullahi ɗan Abbas sun kasance suna ƙasaru suna kuma ajiye azumi a tafiyar baridi 4. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Ibnu Abbas yana ƙasaru a nisa irin na Makka zuwa Ɗa'ifa, Makka zuwa Usfan, da Makka zuwa Jidda, sannan ya ce wannan baridi 4 ne. A kan haka Malik da Shafi'i da Ahmad suka tsaya. Baridi ɗaya farsahi 4 ne, farsahi ɗaya mil 3, jimla mil 48. Shi ne adadin da ka karanta a Risala idan ka yi ta. Da ma'aunin ayari kuwa zango biyu ne, tafiyar yini biyu ta raƙuma masu ɗauke da kaya.

To, mil 48 kilomita nawa ne? Nan ne kan mutane yake rabuwa, kuma rabuwar ta samo asali ne daga tsawon mil ɗin kansa. Ba mil ɗin da ake rubutawa a allon hanya ba ne, tsohon mil ne da ake aunawa da kamu, wato zira'i. Wasu suka ce kamu 4,000 ne, aka lissafa shi mita 1,848, sai mil 48 ya ba da kusan kilomita 89. Ibnu Abdil Barr, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya inganta cewa kamu 3,500 ne, idan aka ɗauki kamu a santimita 48 sai a samu kusan kilomita 81. Shi ya sa za ka ji wani malami ya ce 80, wani ya ce 83, wani ya ce 89, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abu ɗaya suke aunawa da igiyoyi mabambanta.

Kilomita 95 ɗin da wayarka ta nuna ma ba shi ne ake lissafi da shi ba. Waya tana auna maka daga ƙofa zuwa ƙofa, malaman fiƙihu kuwa daga inda gine-ginen garinku suka ƙare suke farawa, domin kafin nan ba ka zama matafiyi ba. Ranar da za ka sake tafiya, dubi agogon kilomita na motar a daidai gidan ƙarshe na garinku, ka sake duba shi a daidai gidajen farko na wancan garin. A ce kilomita 10 sun tafi a cikin garuruwan biyu, saura 85. A kan ƙaramin mil ka wuce iyaka da kilomita 4. A kan babban mil kuwa ka samu mil 46, saura biyu ka cika. Ko a kan wannan lissafi mai tsauri ba a ce ka rama ba, domin malaman Malikiyya sun faɗa a sharhohinsu cewa wanda ya yi ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 40 ba a umurtarsa da sake salla, mil 40 kuma bai kai kilomita 75 ba ko da babban mil aka auna. Su kansu sun san adadin kintace ne. Ba a taɓa jin sahabi ya shimfiɗa igiya tsakanin Makka da Usfan ba.

Wannan abu na gefen gari yana da ban sha'awa idan ka dubi Jidda. Ibnu Abbas ya kafa ta misali na tafiyar ƙasaru, amma yau Jidda ta miƙo gabas, Makka ta miƙo yamma, filin da ke tsakaninsu ya tsuke, har malaman zamani suna saɓani a kan ko mai zuwa Makka daga Jidda matafiyi ne. Garuruwan suna nan inda suke, gefensu ne ya matsa.

Hanafiyya ba su bi ta baridi ba. Su kwana suka ƙirga: tafiyar kwana 3 a ƙafa ko a raƙumi, tafiya matsakaiciya, daga safiya zuwa karkatar rana a gajerun ranakun shekara, da hutun da aka saba. Hujjarsu ta fito daga wani babi daban. An ba matafiyi damar shafa a kan huffi kwana 3 da dararensu, suka ce wannan yana nuna tafiyar da shari'a take rataya wa hukunci ita ce mai kwana 3. Da malamansu na baya suka mayar da ita ma'auni, adadin da ya fi yaɗuwa a yau ya faɗo wajen kilomita 77, wato kusa da na sauran, duk da hanyar da aka bi daban ce.

Akwai kuma masu cewa babu iyaka ko kaɗan. Ibnu Ƙudama, wanda Bahanbale ne, ya faɗa a fili cewa bai ga hujja ga masu iyakancewa ba, saboda maganganun sahabbai sun saɓa wa juna. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan hijira, ya ce duk abin da mutane suke kira tafiya a al'adarsu, suke yi masa guzuri da shiri, shi ne tafiya. Suna kafa hujja da hadisin Anas da Muslim ya ruwaito, cewa Annabi idan ya fita tafiyar mil 3 ko farsahi 3 yakan yi raka'a biyu, mai ruwaya ne ya yi kokwanto tsakanin biyun. Mafi yawan malamai sun ce wannan yana bayanin inda ake fara ƙasaru ne a doguwar tafiya, ba tsawon tafiyar ba. Ni ina ganin maganar al'ada tana da ƙarfi a takarda, amma tana wahalar da mai aiki da ita, domin abin da direban babbar mota yake kira nan kusa, wani sai ya yi sallama da iyali kafin ya je. Adadi ya fi hutar da mutum. Ko ma dai wanne ka ɗauka, tafiyarka ta shiga.

Kada kuma saurin mota ya sa ka kokwanto. Tun a zamanin dawaki malamai suka rubuta cewa da mutum zai yanke wannan nisa cikin sa'a guda a kan doki mai gudu, zai yi ƙasaru. Sharaɗin shi ne ya yi nufin nisan tun daga farko, kuma zuwa kaɗai ake ƙirgawa, ba a haɗa shi da dawowa. Wanda ya fita neman dabbarsa da ta ɓace, bai san inda zai same ta ba, ko ya yi mil ɗari ba ya ƙasaru, don bai ƙudurta nisan ba.

Yanzu kwanaki, inda tambayarka ta fi nauyi. Ka lura da abu ɗaya tukuna: niyyar zama ce take yanke tafiya, ba wucewar kwanaki ba. Mutane suna kuskure a nan, suna cewa ai matafiyi yana da kwana 3 ko 4 na ƙasaru, bayan nan sai ya cika. Ba haka ba ne. A mazhabarka, idan ka san tun daga gida mako biyu za ka yi, ƙasarunka na hanya ne kawai, da ka shiga garin za ka fara cikawa tun sallar farko. Idan kuma ba ka san ranar tashi ba, kullum kana cewa yau ko gobe, a wurin Malik kana ƙasaru ko da ka yi wata da watanni. Da haka aka fassara zaman Annabi na kwana 19 a Makka shekarar da aka buɗe ta, shekara ta 8, da kwana 20 a Tabuka a shekara ta 9, yana ƙasaru. Haka Ibnu Umar ya yi wata 6 a Azarbaijan yana raka'a biyu, dusar ƙanƙara ta tare hanya. Shafi'iyya su sun tsayar da irin wannan jira a kwana 18.

A wurin Malik da Shafi'i, niyyar zaman kwana 4 ce take yanke tafiya. Daga ina kwana 4 ya fito? Wurare biyu. A hajjin ban kwana, shekara ta 10, Annabi ya shiga Makka da safiyar 4 ga Zulhajji, ya zauna ranakun 4, 5, 6 da 7, ya fita zuwa Mina ranar 8, kuma duk yana ƙasaru alhali ya san ranar fitarsa. Wannan shi ne zama mafi tsawo da aka tabbatar ya yi da niyya yana ragewa. Na biyu, an hana Muhajirai komawa Makka da zama, amma aka yarje musu kwana 3 bayan gama aikin hajji. Malamai suka ce ashe kwana 3 ba zama ba ne a idon shari'a, abin da ya haura shi ne zama. Hanafiyya kuwa suka ce kwana 15, sun dogara da abin da aka ruwaito daga Ibnu Abbas da Ibnu Umar, suka kuma kwatanta shi da mafi ƙarancin kwanakin tsarkin mace tsakanin haila biyu.

To bari mu ƙirga naka da yatsa. A Malikiyya kwana 4 ɗin cikakku ake nufi, kuma ranar da ka shiga bayan alfijir ya keto ba a lissafa ta, haka ranar fita. Ka isa Litinin da hantsi, Litinin ta faɗi. Talata, Laraba, Alhamis, kwana 3. Juma'a ranar fita ce. Ba ka cika 4 ba, kai matafiyi ne. Shafi'iyya ma haka suke ƙirgawa, sakamako ɗaya.

Sai dai idan ka buɗe Risala za ka ga ta ce kwana 4 ko abin da zai sallaci salla 20 a cikinsa, kuma wataƙila nan abokinka ya tsaya. Mu ƙirga sallolin. Litinin: Azahar, La'asar, Magariba, Isha'i, 4 ke nan. Talata zuwa Alhamis 15, sun zama 19. Asubar Juma'a ta cika 20 cif. Ka ga ka faɗa daidai kan gaɓar da manyan mazhabar suka rabu. Sahnun salla 20 kaɗai yake dubawa, a wurinsa za ka cika. Ibnul Ƙasim kwanaki cikakku yake dubawa, kuma abin da aka dogara a kai a mazhaba shi ne sai an samu kwana 4 cikakku tare da salla 20 a cikinsu. A kan wannan ƙasarunka daidai ne. Hanbaliyya su kuma suna cewa sai an haura salla 20, to kai a kan 20 ka tsaya, ka tsira da salla guda. Da za ka tsaya ka yi Juma'a a can kafin ka kama hanya, da a wurinsu ka zama mazauni tun ranar Litinin, alhali a Malikiyya babu abin da ya canza.

Makonni ukun da ka isa ranar Lahadi da daddare su ne daban. Alfijir ɗin Litinin ya same ka a garin, saboda haka Litinin ta shiga lissafi: Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, kwana 4 cikakku da salla 20 a cikinsu, ga Asubar Juma'a a kai. A wurin Malik da Shafi'i da Ahmad kai mazauni ne a waɗannan makonni tun da ka shiga garin. 'Yan sa'o'i ne tsakanin isa da daddare da isa da hantsi, amma hukuncin ya juya. Wani zai ce wannan ai tsanani ne. Kowace iyaka haka take, dole akwai wanda zai faɗo a wannan gefe da taki ɗaya.

Sai maganar haɗawa. Ƙasaru sunna ce mai ƙarfi a Malikiyya, a Hanafiyya ma wajibi ne, kuma ba a san Annabi ya cika salla mai raka'a huɗu a tafiya ba. Da Umar ya tambaye shi me ya sa ake ƙasaru alhali tsoro ya kau, sai ya ce sadaka ce Allah ya yi muku, ku karɓi sadakarsa. Haɗawa ba ta kai wannan matsayi ba. Rangwame ne saboda buƙata, barinta ya fi idan babu buƙatar. Dubi Mina: Annabi ya yi kwanaki a can yana ƙasaru, amma kowace salla a lokacinta. A Arfa da Muzdalifa ne ya haɗa. Hanafiyya ma ba su yarda da haɗawa a ko'ina ba sai a waɗannan wurare biyu, sauran hadisan suna fassara su da cewa ya jinkirta ta farko zuwa ƙarshen lokacinta, ya yi ta biyu a farkon nata, sai ya yi kama da haɗawa.

Malikiyya sun rataya haɗawa ne a kan halin hanya. Abin mamaki, ba su sharɗanta nisan ƙasaru ba, ko gajeriyar tafiya ce ta tudu ana iya haɗawa, amma sai kana kan tafiya ko kana shirin tashi. Tambayar da suke yi ita ce: ina rana ta same ka, kuma yaushe za ka sauka? Ɗauki misali. Kana tasha, rana ta karkata, motar za ta tashi ƙarfe 2, kuma ka san ba za ta tsaya ba sai ƙarfe 9 na dare. A nan sai ka yi Azahar, ka jawo La'asar ka bi ta da ita kafin ka shiga mota, domin in ba haka ba rana za ta faɗi ba ka yi ta ba. Magariba kuma za ta same ka kana tafe, sai ka jinkirta ta ka haɗa da Isha'i idan ka sauka. Amma da motar za ta isa ƙarfe 4, tun rana ba ta yi fatsi-fatsi ba, Azahar kaɗai za ka yi a tasha, La'asar ta jira lokacinta. Idan kuma rana ta karkata kana cikin mota, za ka sauka kafin ta yi fatsi-fatsi, sai ka jinkirta Azahar ka haɗa su a can. Wannan na ƙarshe shi ne abin da Anas ya ruwaito daga aikin Annabi a Buhari da Muslim.

Auna kanka da wannan. Ranar Laraba kana masauki, ga ruwa, ga darduma, ba mota ke jiranka ba. A mazhabar da ka tashi a kai babu dalilin haɗawa a nan. Tafiyar taka kanta, sa'a ɗaya da rabi ce ko biyu, ka tashi da safe ka isa da hantsi, ko salla ɗaya ba ta same ka a hanya ba.

Shafi'iyya da Hanbaliyya sun fi faɗi a wannan. A wurinsu muddin hukuncin tafiya bai yanke ba, mutum yana iya haɗawa ko yana sauke. Hujjarsu tana cikin Muwaɗɗa ɗin Malik ɗin kansa: Mu'azu ɗan Jabal ya ce a Tabuka wata rana Annabi ya jinkirta salla, ya fito ya yi Azahar da La'asar tare, ya shiga, sannan ya fito ya yi Magariba da Isha'i tare. Shafi'i ya ce shiga da fita ba sa yiwuwa sai ga wanda yake sauke a hema. Hujja ce mai kyau, ba a iya ture ta da hannu ɗaya. Sun dai sa sharuɗɗa ga mai jawo ta biyu zuwa lokacin ta farko: ya fara da ta farko, ya yi niyyar haɗawa tun yana cikinta, kada kuma ya raba su da dogon jinkiri. Wanda ya yi Azahar, ya tafi ya ci abinci, ya yi waya, sannan ya tuna ai shi matafiyi ne ya tashi ya kawo La'asar, wannan bai haɗa ba, ya yi La'asar kafin lokacinta ne kawai.

Ga abin da nake ganin ya hau kanka game da abin da ya wuce. Makonnin Litinin, babu ramuwa. Ƙasarunka ya inganta a mazhabarka, haɗawarka kuma ta inganta a mazhabobi biyu, ba kuwa a sa mutum ya sake sallolin shekara a kan abin da manyan malamai suka halatta. Makonni ukun Lahadi, ƙasarun da ka yi yana da madogara a Hanafiyya, waɗanda a wurinsu kai matafiyi ne har sai ka yi niyyar kwana 15, kuma ka yi shi ne kana ganin kanka matafiyi, don haka ba zan ce ka rama shi ba. Haɗawar waɗannan makonni ce ba ta da wurin tsayawa a mazhabobin huɗu: ukun da suka yarda da haɗawa sun ce kai mazauni ne, ɗayar da ta ce kai matafiyi ne ba ta yarda da haɗawa ba. Ba a ɗauko kwana 15 daga Abu Hanifa a ɗauko haɗawa daga Shafi'i a ɗinka riga ɗaya da su. Saboda haka tuna yadda kake yi. Idan jinkirtawa kake yi, kana kai Azahar lokacin La'asar, sallar ta auku bayan shigar lokacinta, sai istigfari a kan jinkirin. Idan kuwa jawowa kake yi, La'asar da Isha'in waɗannan kwanaki an yi su kafin lokaci, ka rama su raka'a huɗu-huɗu. Salla 2 a rana, kwana 4, mako 3, salla 24 ke nan. Ba abin da zai gagare ka ba ne, kwana kaɗan ka gama.

Nan gaba, idan Litinin ka isa, yi ƙasaru ka bar kowace salla a lokacinta. Ranar da aiki ya riƙe ka da gaske, irin taron da ba ka da ikon fita, kana iya ɗaukar rangwamen Shafi'iyya ka haɗa, da niyya da sharuɗɗansa, ba ya zama al'adar kullum ba. Idan ka isa Lahadi da daddare, ka cika daga shigarka, ƙasaru sai a hanya. Idan kuma ka shiga da niyyar fita Juma'a, ranar Laraba aka ce maka sai Talata mai zuwa, dubi abin da ya rage daga lokacin da ka samu labari: in ya kai kwana 4 cikakku, daga wannan lokaci ka fara cikawa, abin da ka riga ka yi kuma yana nan daram.

Duk wannan lissafi yana aiki ne idan kai kaɗai kake salla ko kai ne liman. Da ka bi limamin gari, raka'a huɗu za ka yi, ko a raka'ar ƙarshe ka same shi. An tambayi Ibnu Abbas me ya sa matafiyi yake yin biyu shi kaɗai, huɗu a bayan mazauni, ya ce sunna ke nan. Na sha ganin matafiyi ya riski raka'a biyun ƙarshe na Azahar, liman ya yi sallama shi ma ya yi, ya ɗauki jakarsa yana ganin ya dace. Bai dace ba, saura biyu a kansa. A Malikiyya sai in bai riski ko raka'a ɗaya tare da liman ba ne zai yi ƙasarunsa. Idan kuma abokan aiki mazauna garin suka tura ka gaba, gaya musu tun kafin kabbara cewa biyu za ka yi, su tashi su cika bayan sallamarka, kamar yadda Umar yake gaya wa mutanen Makka.

Wani abu da ban gani a wasiƙarka ba, amma yana iya rushe lissafin duka: idan wancan garin garinku ne na asali da kake zaune a cikinsa, ko kana da mata a can wadda kuka tare, shigarka kaɗai ta yanke tafiya a Malikiyya, ko yini ɗaya za ka yi.

Ka kuma kula da bakin tafiyar biyu. Annabi ya yi Azahar raka'a huɗu a Madina, ya yi La'asar biyu a Zul Hulaifa, kimanin mil 6 daga gari, alhali niyyar tafiya tana nan tun a gida. Wanda ya ɗaure kaya, direba na jiransa a waje, ya tsaya a ɗakinsa ya yi Azahar biyu, bai yi ƙasaru ba, ya tauye salla ne. A dawowa ma haka, kana ƙasaru har ka iso gidajen garinku. Sallar da ka jinkirta a hanya, in ka shigo gida lokacinta bai fita ba, huɗu za ka yi ta. Tun da kuma da safe kake baro can ranar Juma'a, kana isowa gida kafin rana ta karkata, sallar Juma'a ta hau kanka kamar kowane mazauni, gajiyar hanya ba ta ɗauke maka ita.